Jiya lafiya lau, yau manhaja ta ƙi haɗuwa

A farkon watan Janairun 2022, masu rubuta manhaja da dama a faɗin duniya suka wayi gari da abin mamaki. Aikin da suka bari jiya yana tafiya daidai, yau sun ba kwamfuta umarnin ta haɗa shi, sai allo ya cika da kalmar LIBERTY, sannan wasu baƙaƙe marasa kan gado suka yi ta zubowa babu tsayawa. Babu wanda ya taɓa ko layi ɗaya na abin da suka rubuta. Ɓarnar daga waje ta shigo, ta hanyar wani ɗan ƙunshi mai suna colors, wanda aikinsa kawai shi ne sanya wa rubutu launi a allo.

Kafin a gane yadda haka ta faru, sai an san cewa kusan babu mai rubuta manhaja daga tushe shi kaɗai. Kamar magini ne: ba shi ke yin siminti da ƙusa da kwano ba, sayo su yake yi ya harhaɗa. Mai aiki da harshen JavaScript yana ɗauko ƙunsassun da wasu suka rubuta daga wata babbar ma'ajiya ta intanet mai suna npm. Kowane ƙunshi kuma yana jingine da wasu ƙunsassun, su ma suna jingine da wasu. Kai ka nemi goma, amma abin da zai sauka a kwamfutarka yana iya kai ɗaruruwa, akasarinsu ba ka taɓa jin sunansu ba.

Jerin abin da ka nema yana cikin fayil mai suna package.json, kuma a nan ne ƙofar take. Ga yadda ake yawan rubuta shi:

```
"colors": "^1.4.0"
```

Wannan 'yar alamar da ke gaban lambar, mai kama da hula, ma'anarta ita ce: ba ni siga ta 1.4.0, ko duk wata sabuwa da ta fito bayanta, muddin lambar farko ba ta tashi daga 1 ba. Al'adar masu sana'ar ita ce lambar ƙarshe ta ƙananan gyare-gyare ce, ta tsakiya ta ƙarin abubuwa ce, ta farko kuwa ita ake canzawa idan sabon zai iya karya tsohon aiki. Amma wannan alkawari ne tsakanin mutane. Babu na'urar da ke tilasta wa kowa cika shi.

Marubucin colors ya fitar da siga ta 1.4.1, da gangan ya sa mata umarnin da ke maimaita kansa ba iyaka. A lamba dai ƙaramin gyara ne, don haka duk kwamfutar da ta je ɗauko ƙunshin a ranar ta karɓe shi hannu bibbiyu. A lokacin ana sauke colors fiye da sau miliyan 20 a mako, kuma cikin waɗanda abin ya shafa har da kayan aikin Amazon mai suna AWS CDK.

Sai dai akwai waɗanda guguwar ta wuce ta kansu ba su ma sani ba. Su ne masu riƙe da fayil ɗin kulle, wato package-lock.json, wanda npm ya fara samarwa da kansa tun siga ta 5 a shekarar 2017. Idan package.json saƙo ne irin na "sayo mini siminti mai kyau", fayil ɗin kulle rasit ne: yana ɗauke da ainihin sigar kowane ƙunshi da aka sauke, har da waɗanda suka shigo ta bayan fage, da adireshin da aka ɗauko shi, da wata doguwar lambar tantancewa da za ta tona asiri idan an sauya ko harafi ɗaya a ciki. Wanda rasit ɗinsa ya ce 1.4.0, 1.4.0 zai ci gaba da samu.

To, mu ɗauka abin ya riga ya same ka. Abin da ya fi yawan jawo shi shi ne wani abokin aiki ya buga `npm update`, ko kuma wata 'yar matsala ta dame shi ya goge fayil ɗin kulle ya sake saukewa. (Wannan shawarar ta gogewa tana yawo sosai a tsakanin masu koyo, kuma a ganina ɓarnarta ta fi amfaninta.) Alamar da za ta nuna maka cewa laifin ba na rubutunka ba ne ita ce: a kwamfutar wanda bai sake saukewa ba komai na aiki, amma a sabar da ke haɗa manhaja daga farko abin ya tsaya. Saƙon kuskuren ma yakan nuna wani wuri a cikin node_modules, babban jakar da ƙunsassun ke zama.

Matakin farko shi ne duba tarihi. Idan kuna ajiye aiki da git, kowane canji yana da lamba da kwanan wata:

```
git log --oneline -- package-lock.json
git checkout a1b2c3d -- package-lock.json
npm ci
```

Layin farko yana jero lokutan da aka taɓa fayil ɗin. Ka zaɓi na ƙarshe da ka tabbata aiki na tafiya a lokacinsa, ka sa lambarsa a madadin a1b2c3d, layi na biyu ya dawo da wancan fayil ɗin kaɗai ba tare da ya taɓa sauran aikinka ba. Layi na uku ne mai muhimmanci. `npm ci` yana share node_modules gaba ɗaya, ya sake saukewa daidai da abin da rasit ya ce, kuma ba ya gyara rasit ɗin. Idan ya tarar package.json da fayil ɗin kulle sun saɓa, tsayawa yake yi ya faɗa maka. A nan sai ka dawo da su biyun daga lokaci guda.

Aiki ya dawo, amma har yanzu ba ka kama mai laifi ba. Ka kwatanta tsohon fayil da sabon da `git diff a1b2c3d HEAD -- package-lock.json`, za ka ga waɗanda lambarsu ta motsa. Sannan `npm ls colors` zai nuna maka wanda ya jawo ƙunshin cikin gidanka. Idan kai ka neme shi kai tsaye, cire hular ka bar 1.4.0 zalla. Idan ta hannun wani ƙunshi ya shigo, akwai sashen `overrides` a package.json da ke tilasta sigar da kake so. Wanda kuwa bai taɓa ajiye fayil ɗin kulle ba, yana da sauran dabara ɗaya: idan ya goge node_modules, `npm install --before=2022-01-01` zai ɗauko sigogin da suke akwai kafin wannan ranar.

Kullen yana da iyakarsa. A watan Maris na 2016 marubucin left-pad, ƙunshi mai layi 11 kacal, ya janye shi daga ma'ajiyar, manyan ayyuka irin su Babel suka tsaya cak. Rasit ba ya amfani idan kayan sun bar kasuwa, shi ya sa daga baya npm ya tsaurara dokar janye ƙunshi. Haka kuma fayil ɗin ba ya kulle sigar Node da ke kan kwamfutar, don haka mutum biyu masu rasit iri ɗaya suna iya samun sakamako daban. Kuma idan ka kulle ka manta shekara biyu, ka kulle har da ramukan tsaron da aka riga aka toshe a sababbin sigogi. Shi ya sa masu lura suke sabuntawa kaɗan-kaɗan, ƙunshi ɗaya ko biyu a wani reshe na daban, su gwada, in ya wuce su ajiye sabon fayil ɗin kulle a git tare da bayanin abin da ya canza.