Ƙarin Kuɗin Ɗinki ga Tsofaffin Kwastomomi

Tela da ya shekara goma yana yi wa gida ɗaya ɗinki yakan ji nauyin ƙara kuɗi, ko da zare da man janareto sun ninka tun bayan cire tallafin mai a 2023. Amma abin da ke korar tsohon kwastoma galibi ba ƙarin ba ne, lokacin faɗarsa ne. Wanda ya zo karɓar kayan Sallah ya ji sabon farashi a bakin shago zai ga an yi masa shigo-shigo ba zurfi.

A ce kaftani da wando naira dubu 8 ne, ana son a kai shi dubu 12. Sai a sanar tun Sha'aban, baki da baki, kafin a karɓi yadi: "Alhaji, bayan Sallah ɗinki zai koma dubu 12, amma naka na bana dubu 10 ne." Aikin da aka riga aka karɓa kuwa yana nan a tsohon kuɗinsa.

Idan Alhaji ya ce ya yi yawa, kada tela ya janye. Gara ya rage aikin wuya ko ya yarda a biya kashi biyu, domin wanda ya janye sau ɗaya, ciniki za a riƙa yi da shi kowace shekara.