Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Ɗaukar Aiki

Wanda ya samu aikin farko, idonsa kan albashi yake fara sauka. Amma sharuɗɗan da ke jawo rigima daga baya suna can ƙasa, inda aka yi maganar gwaji da notis da alawus, kuma a ɗaure suke da juna.

A ce wani kamfani a Kano ya ɗauki matashiya aikin akanta, albashi naira 150,000 a wata, da gwajin wata shida. A wannan lokaci ma'aikaciya ce, albashinta hakkinta ne, sai dai ba a tabbatar da ita ba. Galibi takardar kan ce a lokacin gwaji kowane ɓangare na iya raba gari da notis ɗin mako ɗaya ko biyu, bayan tabbatarwa kuwa sai wata guda. To, ta duba da kyau: kamfanin na da ikon tsawaita gwajin? Har zuwa yaushe? Idan wata shida ya cika aka yi shiru, ta nemi takardar tabbatarwa a rubuce. "Ai kin zama tamu" da manaja zai faɗa da baki ba hujja ba ce ranar da aka samu saɓani.

Notis kuwa wuƙa ce mai baki biyu. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta sa mafi ƙaranci: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu zuwa shekara biyar, daga nan wata ɗaya. Sai dai dokar ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Ƙwararru irin akanta, abin da suka sa wa hannu shi ke ɗaure su. Idan takardarta ta ce notis ɗin wata ɗaya ko kuɗinsa, kamfani na iya biyanta ya sallame ta a ranar. Ita ma in ta samu wani aikin ta tafi ba notis, ita za ta biya.

Wajen alawus, ta tambayi nawa zai shigo asusunta. Dokar Fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8, mai aiki ya ƙara kashi 10. Idan tushen albashinta da kuɗin gida da na mota sun kama 120,000, kuma a kansu ake lissafi, za a cire mata 9,600, kamfani ya zuba 12,000. Ga haraji kuma. Wasu kamfanoni ba sa fara inshorar lafiya sai bayan tabbatarwa, wato gwajin da aka ja yana iya hana ta ganin likita a kuɗin kamfani.

Ɗan'uwa, karɓi takardar ka je gida ka karanta a natse. Duk alkawarin da aka yi maka a wajen intabiyu, ka roƙa cikin ladabi a rubuta shi kafin ka sa hannu.