Ƙarfe Goma a Agogon Wa? Yadda Ake Rubuta Lokacin Taro da Wa'adi ga Mutanen Ƙasashe Daban-daban

Lokacin da aka rubuta a saƙon gayyata ko na wa'adi bai cika ba sai an faɗi agogon garin da ake nufi, matuƙar masu karɓar saƙon ba ƙasa ɗaya suke zaune ba. Masu sauraron sashen Hausa na gidajen rediyon ƙetare sun saba jin mai gabatarwa ya faɗi lokaci a agogon GMT, sannan ya maimaita shi a agogon Najeriya da Nijar. Wannan ɗabi'ar ce ake buƙata a wasiƙar ofis da saƙon waya, sai dai a nan akwai ƙarin abubuwan lura.

Ana auna agogon kowace ƙasa ne da ma'auni guda da ake kira UTC, wanda a harkar yau da kullum daidai yake da GMT. Ghana tana kan wannan ma'auni daidai. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da awa ɗaya, ana rubuta shi UTC+1. Sudan tana gaba da awa biyu, Saudiyya uku, Dubai huɗu, Indiya biyar da rabi, Sin kuwa takwas, kuma duk faɗinta agogo ɗaya take bi.

A ɗauka wani kamfanin dillancin yadi a Kano zai yi taro ta bidiyo da wakilinsa a Guangzhou, da abokin ciniki a Kumasi, da wani a Jidda, da akantansa a Landan. Sakatare ya aika cewa: “Akwai taro ranar Talata da ƙarfe goma.” Kowa zai duba agogon hannunsa ne. Na Kumasi zai shigo an riga an yi awa guda ana magana, na Jidda zai zo da awa biyu kafin lokaci ya yi ta jira, na Guangzhou kuma zai shiga ƙarfe uku na dare a Kano, mai gayyatar yana barci. Da sakataren ya san aikinsa, ga abin da zai rubuta: “Za a yi taro ranar Talata, 24 ga Maris 2026, da ƙarfe 10:00 na safe agogon Kano (UTC+1). Wato 9:00 na safe a Kumasi da Landan, 12:00 na rana a Jidda, 5:00 na yamma a Guangzhou.” Abu huɗu ne a ciki: sunan rana, kwanan wata, awa tare da safe ko yamma, da sunan gari. Lissafin kuma mai aikawa ne ya yi shi, domin mutum ɗaya ya lissafa sau ɗaya ya fi a bar mutum huɗu kowa ya yi nasa, wani ya tara inda ya kamata ya ɗebe.

Babban tarkon yana wajen ƙasashen da ke sauya agogo sau biyu a shekara. Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, su mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A 2026 ranakun su ne 29 ga Maris da 25 ga Oktoba. Saboda haka idan taron nan na mako-mako ne, ranar Talata 31 ga Maris ƙarfe goma a Kano ta zama ƙarfe goma a Landan, alhali mako guda kafin nan tara ce. Kano ba ta motsa ba, Landan ce ta motsa. Akantan da ya haddace cewa “Najeriya tana gaba da mu da awa ɗaya” zai zo da wuri, idan Oktoba ta zagayo kuma lissafin ya sake juyawa. Amurka ta ƙara dagula abin, domin mafi yawan jihohinta suna sauyawa ne a Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadin farko ta Nuwamba. Tazarar Kano da New York awa shida ce a Janairu, awa biyar a Yuli. Don haka ana lissafi ne da ranar da za a yi taron, ba ranar da aka rubuta saƙon ba. Taron da ake maimaitawa kuwa dole a bayyana agogon da aka ɗaure shi a kai, misali “kowace Talata, 10:00 na safe agogon Kano, duk shekara”.

Wannan ne ma ya sa sunan gari ya fi gajerun haruffa aminci. Mazaunin Landan yakan rubuta GMT a watan Yuni alhali agogonsa na UTC+1 yake nufi. CST na iya zama agogon Sin ko na tsakiyar Amurka, kuma tazarar awa goma sha huɗu ce tsakaninsu. IST ma Indiya da Isra'ila da Ireland duk suna amfani da shi.

Wa'adi ya fi taro haɗari, don wanda ya makara taro yana iya shigowa a tsakiya, wanda ya tsallake wa'adi kuwa ƙofa ta rufe. Idan masana'anta a Guangzhou ta ce a biya kafin a tashi aiki ranar Juma'a, wato wajen biyar na yamma a can, to a Kano ƙarfe goma na safe ne. Ɗan kasuwar da ya ce bari a sauko daga Masallaci ya je banki, lokaci ya riga ya ƙure masa. Wani sa'in ranar ma canzawa take: 11:59 na daren ranar Juma'a a New York a watan Janairu, 5:59 na asubahin Asabar ne a Kano. Duk inda lissafi ya tsallaka rana, a rubuta sabuwar ranar da sunanta.

Ƙarfe sha biyun dare ba lokacin sa wa'adi ba ne, domin ba a sanin ko farkon ranar ake nufi ko ƙarshenta. 11:59 na dare ko 5:00 na yamma ba su da wannan shubuhar. “Daren Juma'a” ma haka: a lissafin Musulunci dare ne ke gabatar rana, don haka mutane da yawa daren Alhamis wayewar Juma'a suke fahimta. Kwanan wata kuma a rubuta sunan watan, saboda 3/4/2026 a Najeriya 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. Kalmomi irin su “gobe” da “anjima” sun dogara da lokacin da aka buɗe saƙo, kuma saƙon da aka tura daga Kano da ƙarfe takwas na dare, wakilin Guangzhou zai gan shi ne bayan goben ta riga ta zama yau. “Bayan La'asar” kuwa ta wadatar tsakanin maƙwabta, amma a Landan lokacin La'asar na Disamba da na Yuni ba su ko kusa da juna.

Ranakun aiki ma ba ɗaya ba ne: hutun ƙarshen mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, don haka “ƙarshen mako” ba wa'adi ba ne, a ambaci rana.

Manhajojin kalanda irin su Google Calendar da Outlook suna nuna wa kowa lokacin taro a agogonsa, har da sauyin Maris da Oktoba, amma sai idan saitin agogon wayar ko kwamfutar daidai yake. Wanda ya dawo daga Umra kwamfutarsa tana kan agogon Saudiyya, ya sa taro ƙarfe goma, abokan aikinsa a Kano ƙarfe takwas za su gani. Shi ya sa ko an aika gayyatar kalanda ake sake rubuta lokacin da sunan garin a cikin saƙon, domin idan biyun sun saɓa wani zai lura ya tambaya tun kafin ranar.