Gajeren adireshin intanet ko cikakke: wanne ya dace da takarda, wanne da waya?

Da zarar damina ta gabato, dillalan taki da iri da ƙungiyoyin manoma a Malumfashi da Funtua kan fara raba sanarwa, wasu a takardar da ake liƙawa a bangon kasuwa, wasu a WhatsApp da Facebook. Galibi akwai adireshin intanet a ƙasan sanarwar, inda ake so a je a cike fom. Tambayar ita ce ko a rubuta adireshin yadda yake da tsawonsa, ko a gajarta shi ta hanyar kamfanoni irin su Bitly da TinyURL.

Gajeren adireshi ba shi ne shafin ba, ɗan jagora ne. Idan mutum ya latsa wanda ya fara da `bit.ly`, wayarsa za ta fara zuwa kwamfutar kamfanin Bitly, wadda za ta duba rajistarta ta tura shi ainihin shafin. Ke nan an shigo da wani na uku tsakanin mai sanarwa da mai karatu, kuma ranar da na ukun ya janye, hanya ta yanke. An ga haka a kan `goo.gl` na Google. Kamfanin ya fara janye wannan hidima a 2018, a 2024 ya sanar cewa tsofaffin adireshin za su mutu ranar 25 ga Agusta, 2025, daga baya ya sassauta ya bar waɗanda ake ci gaba da latsawa. Littafi ko kalandar da aka buga da sauran, sai haƙuri.

A waya, gajartawa ba ta da wani amfanin a zo a gani. Yatsa ke latsawa, ba wanda zai zauna yana kwafar haruffa, kuma a dandalin X kowane adireshi, komai tsawonsa, haruffa 23 ake lissafa masa. Abin da ake asara kuwa babba ne, wato sunan mai shafin. Manomin da ya ga adireshin da ainihin sunansa ya ƙare da `.gov.ng` yana da hujjar cewa na hukuma ne, domin an keɓe wannan ƙarshen ga hukumomin gwamnati. Gajeren adireshi yana rufe wannan shaida, shi ya sa masu damfara da sunan tallafin taki ko bashin noma suke ƙaunarsa. Ƙungiyar da ta saba wa mambobinta latsa irinsa ta sauƙaƙa wa mazambata aiki. Wanda aka turo wa na Bitly yana iya ƙara alamar `+` a ƙarshensa kafin ya buɗe, zai ga inda aka nufa da shi.

A takarda lamarin ya sha bamban, domin a nan da hannu za a kwafa. A ɗauka wani dillali a Malumfashi zai buga takardu 2,000 na rajistar masu son taki, fom ɗinsa kuma na Google Forms ne, mai adireshin da ya kusa cika layi biyu. Ba mai iya kwafar wannan daga bango ba tare da kuskure ba. Amma gajeren da na'ura ta zaɓa shi ma yana da tarko. Bitly yana bambanta babban baƙi da ƙarami, ga shi a wasu salon rubutun `l` da `I` kusan ɗaya suke, haka `0` da `O`. Harafi guda ya kauce, sai a faɗa shafin wani ko a tarar ba komai. Wani lokaci ma mai tsara aikin a maɗaba'a ne zai mayar da layin duka manyan baƙaƙe don ya yi kyau, takardun su tashi a banza.

Mafi inganci ga wanda yake da shafin kansa shi ne ya ƙirƙiri gajeriyar hanya a ƙarƙashin sunansa, kamar `sunanku.ng/taki`, wadda za ta riƙa tura mutane fom ɗin. Sunan yana bayyane, kalmar tana da sauƙin faɗa ko a rediyo, kuma idan fom ya canja baɗi, wurin turawar kawai za a gyara, muddin ana sabunta rajistar sunan duk shekara. Wanda ba shi da shafi ya zaɓi wutsiyar adireshin da kansa, da ƙananan baƙaƙe, ba tare da ƙ ko ɗ ba, sannan ya buga sunan kasuwancinsa da lambar wayarsa kusa da shi.

Sau da yawa ma tsawon na jabu ne. Abin da ke biyo bayan alamar `?`, irin su `utm_source` da `fbclid`, na bin sawun masu latsawa ne, ana iya share shi shafin ya buɗe lafiya. Ba kullum ba dai: a YouTube, abin da ke bayan `watch?v=` shi ne lambar bidiyon, a cire shi bidiyon ya ɓace. Saboda haka kafin maɗaba'a ta kunna inji, a karɓi samfurin farko, a miƙa wa wanda bai san adireshin ba, ya kwafa shi a wayarsa daga takardar.