Mai Gyaran Famfo a Gangara: Abin da Ɗigon Ruwa Ke Faɗa

A gidan gwaggona da ke Gangara, cikin ƙaramar hukumar Jibiya, kawunan famfo biyu ne. Ɗaya yana tsakar gida kusa da madafa, irin na dā ne na tagulla da ake murɗawa sau uku ko huɗu kafin ruwa ya zo sosai. Ɗayan yana banɗakin da aka sabunta, mai sheƙi, wanda juyi kaɗan ke buɗe shi. Tanki ɗaya ke ba su ruwa, tankin kuma daga rijiyar burtsatse ake cika shi. A wata guda duka biyun suka fara ɗiga. Na aika Jibiya aka kira mai gyara, ya zo a kan babur da yaronsa da jakar kayan aiki, ni kuwa na ja kujera na zauna, don na daɗe ina son sanin abin da ke cikin kan famfo.

Bai fara da sifana ba. Kwalbar ruwa ya nema, mai cin kashi uku cikin huɗu na lita, ya ajiye ƙarƙashin famfon tsakar gida. Kafin a gama gaisawa da cin tuwo da hira, awa guda ta wuce, kwalbar ta cika. Lita goma sha takwas ke nan a kwana ɗaya, kusan jarka guda. Gwaggo ta riƙe baki, don ta san kuɗin jarka a wurin 'yan garuwa.

Tambayarsa ta farko ga kowane famfo ita ce ta ina ruwan ke fita, kuma yaushe. "Malam, in ta baki yake ɗiga alhali a rufe yake, to abin da ke tare ruwa ne ya gaji. In kuwa ta wuya yake tsattsafowa, kuma sai an buɗe, wannan wata cuta ce daban." Daga nan ya sa yaron ya rufe makullin da ke gindin tanki, ya buɗe famfon har ruwan da ya saura a bututu ya tsiyaye, sannan ya kwance.

Cikin famfo mai washa babu wani abin ɓoye. Hannun da kake murɗawa yana haɗe da sanda mai zare irin na ƙusa. A ƙasan sandar akwai ɗan faifan tagulla, a jikinsa aka ɗaura washa, wato robar nan baƙa mai kauri, wadda a famfon gida yawanci ta rabin inci ce. Ƙarƙashin robar akwai ramin da ruwa ke hawowa ta ciki, bakinsa da ɗan tudu zagaye kamar zobe. Wannan shi ne mazauni. In ka murɗa dama, sanda ta sauka ta danne roba a kan mazauni, ruwa ya tsaya. Tsohuwar dabara ce, tun 1845 wani kamfani mai suna Guest and Chrimes a garin Rotherham na Ingila ya yi mata rajista, har yau kuma ba ta sake wani fasali ba.

Robar da ya ciro ta bushe kamar ƙanzo, da kwarmin zobe a fuskarta, gefe ɗaya ya tsage. Zafin rana na busar da roba, musamman a famfon da ke fili, kowace rufewa kuma tana cin ta kaɗan. Amma babban mai kashe washa hannu ne. Da an ga ɗigo sai a ƙara matsewa, gobe a matse fiye da haka, jibi a sa tsumma a haɗa da ƙarfin kafaɗa. Ɗigon kan tsaya na kwana biyu, robar kuwa tana ƙara lotsewa.

Na ɗauka zai sa sabuwa ya ɗaure, sai na ga ya haska tocila cikin ramin, ya zura ɗan yatsa yana shafa mazaunin da farce. Ya ce in taɓa. Na ji wani siririn tsagi da ya ratsa zoben daga ciki zuwa waje, bai fi kaurin zare ba. A nan aikin gwani ya bambanta da na mai koyo. Ruwan da ya daɗe yana kurɗawa ta ƙaramar kafa, da ɗan rairayi a cikinsa, yakan sassaƙa wa kansa hanya a jikin tagulla. In tsagin nan ya samu, ko sabuwar roba ka sa, ruwa zai bi ta ƙarƙashinta, bayan mako biyu a ce mai gyara ya ci kuɗin banza. Akwai wani ƙarfe mai haƙora da ake ɗaurawa a gurbin sandar a juya shi da hannu, ya kankare mazaunin har ya daidaita. Mai gyaran ba shi da irinsa, ya yi dabara: ya manna gutsuren sanfefa mai laushi a kan wani guntun katako mai lebur, ya riƙa juyawa a hankali, yana dubawa, har zoben ya yi haske ko'ina. Ya ɗauraye garin tagullar, ya sa washa, ya ɗaure. Yatsu biyu suka isa rufe famfon, ɗigo ya ɗauke.

Famfon yana kuma yoyo ta wuya, amma wannan bai ɗauke shi minti biyar ba. Inda sanda ta fito waje akwai ƙaramin noti da ke danne wani abin toshiya, zare ne ko zoben roba. Wani lokaci ɗan matse notin ya isa. In bai isa ba, a kwance shi a naɗa farin tef ɗin masu famfo a jikin sanda, a tura ciki, a mayar da noti. Na tambaye shi batun masu yanka washa daga tsohon tib ɗin taya ko silifa. Ya ce yana yi in dare ya yi ko kasuwa ta yi nisa, amma yakan gaya wa mai gida cewa na wucin gadi ne.

Famfon banɗaki wata duniya ce. Ya ɓalle ɗan murfin da ke saman hannu, ya kwance sukurun da ke ƙarƙashi, ya zare hannun, sannan ya sa sifana ya fito da wani dunƙule guda kamar babban yatsa. Masu sana'ar katirij suke ce masa. A cikinsa fayafai biyu ne farare na tangaran, kowanne bai kai faɗin kwabo ba. Ba tangaran ɗin kofin shayi ba ne, wani iri ne da ake kira alumina, mai tsananin tauri, an goge fuskokinsu har in ka jiƙa su ka haɗa sai su manne. Na ƙasa a kafe yake, da ƙofofi biyu. Na sama yana juyawa da hannun famfo. Rubu'in zagaye ya buɗe ƙofofin, rubu'i ya rufe su. Babu abin da ke sauka ya danne wani abu, saboda haka matsewa ba ta da amfani ko kaɗan. Wanda ya matsa da ƙarfi, ko dai ya cinye haƙoran da ke riƙe hannu, ko ya fasa faifan.

Ana yawan cewa yashi na goge tangaran ɗin. Maganar tana buƙatar gyara. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, alumina tana mataki na 9, ƙwayar yashi tana na 7, don haka ba ta cin fuskar faifan cikin sauƙi. Ɓarnar da take yi ita ce ta maƙale a bakin ƙofa daidai lokacin rufewa. Ko ta ɗaga faifan sama da ɗan abin da ido ba ya gani, ruwa ya samu hanya, ko kuma a tilasta hannu ta ɓalle ɗan gefen ƙofar. Roba tana iya haɗiye ƙwayar yashi ta rufe a kanta, tangaran ba ya lanƙwasa. Yankin Jibiya kuwa ƙasar rairayi ce, kowa ya ga Gulbin Gada da rani ya sani, kuma rijiyar burtsatse kan turo ɗan yashi ya kwanta a gindin tanki. Ranar da tanki ya kusa ƙarewa, wannan laka ce ke gangarowa cikin bututu.

Ya raba fayafan, ya wanke, ya ɗaga su ga hasken rana yana karkatawa. Babu tsagi, babu ɓalli, sai wani farin abu kamar kanwa, wanda ruwa ke bari in ya bushe. Ya jiƙa su a ruwan lemon tsami na ɗan lokaci, ya goge da tsohon buroshin haƙori. Ya gargaɗi yaronsa a gabana: "Kai, kada ka taɓa sa wa wannan sanfefa." Sai ya juya dunƙulen ya nuna mini gindinsa. Ashe famfon da ake tallarsa da cewa ba shi da washa, yana da roba a ƙasa, shuɗiya ko ja. Aikinta biyu: ta toshe tsakanin dunƙulen da jikin famfo, kuma ta riƙa tura faifan ƙasa ya manne da na sama. Tamu ta lotse ta zama lebur. Ita ce ta jawo ɗigon, fayafan lafiyarsu lau.

Ya ciro wata robar daga wani mataccen dunƙule a jakarsa, ta yi daidai, aiki ya yi. Da faifan ne ya ɓalle, sai an sayo dunƙulen gaba ɗaya, a nan kuma wahalar take. Dole tsawo ya zo ɗaya, zaren ɗauri ya zo ɗaya, haƙoran saman sanda su dace da hannu, don akwai mai 20, akwai mai 24, akwai mai 28. Akwai mai buɗewa dama da mai buɗewa hagu. Famfo mai hannu ɗaya da ke gauraya ruwan zafi da na sanyi kuma nasa dunƙulen daban ne, yawanci milimita 35 ko 40. Shi ya sa ba a aike da baki. Tsohon ake riƙewa a hannu a tafi da shi Katsina ko Kano, ko Maraɗi ga wanda hanya ta fi masa sauƙi, a gwada a gaban mai shago. Sau da yawa ba a samun daidai, sai a sayi sabon famfo, ga jikin tsohon babu abin da ya same shi.

Wani abu da ya kamata mai saye ya lura: ba kowane famfo mai rubu'in juyi ne na tangaran ba. Waɗannan masu dogon hannu ja da ake sawa a jikin tanki da wurin alwala, ƙwallon ƙarfe ne mai huda a cikinsu, yana juyawa tsakanin zobba biyu na farar roba. In suka fara yoyo ta baki, galibi sauyawa ake yi.

Ni dai abin da na gani ya gamsar da ni. A tsakar gida, a masallaci, a makaranta, inda hannu da yawa ke taɓa famfo kuma ruwa na zuwa da yashi, mai washa na tagulla mai nauyi ya fi, domin duk abin da ya lalace a cikinsa ana gyara shi a nan Gangara da kuɗi kaɗan. Na tangaran yana da daɗi ga tsoho da yaro da mai ciwon hannu, yana kuma daɗewa in ruwa mai tsabta ne. Wanda zai sa shi ya ɗaura matata a bututun da ya fito daga tanki, ya wanke gindin tankin lokaci lokaci, in kuma an yi sabon aikin bututu ya saki ruwa ya kore datti kafin a ɗaura famfon. Kafin mai gyaran ya hau babur, sai da ya sa Gwaggo ta tara jikokinta, ya nuna masu yadda ake rufe famfo da yatsu biyu.