Abin da Masu Saye Suka Faɗa, a Takarda Ɗaya

Mu ɗauki misalin wata Hajiya mai gidan abinci a Kano, wadda take aika tuwo da shinkafa gidaje da ofisoshi. A wata guda saƙonni 120 suka taru mata, wasu a rubuce, wasu na murya a WhatsApp, wasu kuma yaron da ke kai abinci ne ya dawo da su a baki. Ba ta da lokacin bin su ɗaya bayan ɗaya, sai ta ce wa ɗan ƙanwarta: "Kai da ka yi boko, duba min me mutanen nan suke cewa." Idan ya dawo ya ce, "Umma, galibi suna yabawa, sai dai wasu na ƙorafi," to bai gaya mata komai ba.

Aikin farko shi ne tankaɗe. Saƙon da bai wuce "Allah ya ƙara buɗi" ba addu'a ce, a amsa da amin a ajiye shi gefe, kada a lissafa shi cikin yabo. A ce irin waɗannan 30 ne, saura 90. Daga nan sai a duba lambobin waya, domin mutum ɗaya da ransa ya ɓaci yakan turo saƙo biyar a kan abu ɗaya. Mutane ake ƙirgawa. A misalinmu saƙonni 90 ɗin na mutum 70 ne.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne karanta maganar Bahaushe. Mutuminmu yana da kara, ba ya buɗe baki da ƙorafi. Zai yi sallama, ya gaida Hajiya, ya tambayi yara, ya ce miyar ta yi daɗi ƙwarai, can a ƙarshen saƙon murya na minti biyu ya sassauta murya ya ce, "sai dai jiya mun ɗan jira." Wannan "ɗan jira" ɗin yana iya zama awa ɗaya da rabi, kuma shi ne dalilin saƙon. Wanda ya saurari rabi ya kashe zai rubuta yabo. Haka "ba laifi": sau da yawa ma'anarta abin bai kai yadda aka so ba. Don haka kowane saƙo a farfasa shi zuwa maganganun da ke cikinsa, kowace magana layinta daban a littafi, da ranar da abin ya faru a gefe. Saƙon wancan bawan Allah layi biyu ne, ɗaya na ɗanɗano, ɗaya na jinkiri.

Rukunan da za a zuba maganganun kuwa, a bari su fito daga saƙonnin. A karanta ashirin na farko, za a ga abubuwan da ke maimaituwa: ɗanɗano, lokacin isowa, yawan nama, farashi, robar zuba abinci. Biyar ko shida sun isa. Idan rukunin "sauran abubuwa" ya fara kumbura, akwai wani batu da ya ɓuya a ciki wanda yake neman sunansa. Ina son a ba wani mutum daban layuka ashirin ya rarraba da kansa. Idan rabonsa ya sha bamban da naka, rukunan ne ba su fita sarai ba.

Yanzu ƙirga. Mutum 41 cikin 70 sun yabi ɗanɗano, 24 sun koka da jinkiri, 9 sun ce naman ya yi kaɗan, 6 sun ce miya tana zuba a hanya. A nan ranakun da aka rubuta suke amfani: 17 daga cikin masu kukan jinkiri ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Ashe matsalar ta sa'o'i biyu ce a mako, kuma ƙarin ɗan aike ɗaya a lokacin zai iya rage ta sosai.

Akwai kuma mutum biyu kacal da suka ce cikinsu ya ɓaci bayan sun sha zoɓo a rana ɗaya. Wannan shi zai hau saman takardar, domin abin da ya taɓa lafiya ba a jiran ya yi yawa.

Takardar da za a miƙa wa Hajiya kada ta wuce shafi ɗaya: maganar zoɓo, sai abin da aka yaba, sai ƙorafi uku mafi girma, kowanne da adadinsa da jimla ɗaya daga bakin mai saye ba tare da sunansa ba. A rubuta "24 cikin 70", ya fi "da yawa" gaskiya. A ƙasa kuma a tuna mata cewa waɗannan su ne waɗanda suka yi magana. Wanda ya ji haushi ya koma wani gidan abincin shiru ba ya cikin lissafin, sai ta duba littafin ciniki ta ga su wa suka daina saye.