Fitila Ja Da Fitila Rawaya Ba Magana Ɗaya Su Ke Yi Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗa wa 'yan'uwana ma'aikata da malamai wani abu da na koya da tsada, don kada su ma su saye shi yadda na saya.

Ni mutumin Babban Duhu ne, ta ƙasar Safana. Da damina ta 2020 na taso daga Safana da la'asar sakaliya zan tafi gida, cikin wata tsohuwar mota da na tara kuɗi na saya. Muna cikin tafiya sai wata fitila ja mai siffar buta ta kama a gaban sitiyari. Na ratse, na kashe, na zaro sandar awon baƙin mai, na ga mai ya kai zanen sama cif. Na ce a raina, ai fitilar mai ce, ga mai kuwa cike, ashe ƙarya ta ke yi. Ga magariba ta gabato, a shekarun nan kuwa kowa ya san halin da ɓarayin daji suka sa ƙasar Batsari da Safana, ba mai son dare ya riske shi a hanya. Sai na tayar na ci gaba. Ba mu yi nisa ba na ji ƙwas-ƙwas daga ƙarƙashin injin, kamar ana buga guduma cikin tukunya. Kafin in ankara injin ya buga. Allah ya kiyaye, muka sami mai ja, amma gyaran ya cinye mini albashin watanni.

Da bakanike ya kwance kaskon da ke ƙarƙashin injin, sai ya kira ni ya ce, "Malam, zo ka ga abin da ya kashe maka injin." Ya nuna mini wata 'yar rariya a bakin bututun da famfo ke zuƙo mai da shi, ta toshe da baƙin dauɗa kamar kwalta, saboda an daɗe ba a yi juye ba. A nan ne na gane gargaɗin baƙin mai iri biyu ne, kowanne da abin da ya ke aunawa.

Na farko yawan mai ya ke aunawa. Galibi fitilar rawaya ce, buta da ɗan zane mai lanƙwasa a ƙarƙashinta. Abin da ta ke cewa shi ne man da ke kwance cikin kasko ya sauko kusa da zanen ƙasa na sanda, wanda a kan rubuta MIN a jikinsa. Injin ƙaramar mota ya kan ci wajen lita 4, tsakanin zanen ƙasa da na sama kuwa ya kan zama wajen lita 1. Watau sa'ad da rawaya ta kama, akwai sauran wajen lita 3, famfo yana samun abin zuƙa, mai yana zagawa. Wannan kamar a ce wa maigida hatsi ya yi ƙasa a rumbu ne: yau za a ci tuwo, amma a yi shiri. Saboda haka kana iya lallaɓawa zuwa gari mafi kusa, ka tsaya a wuri mai bai ɗaya, ka jira minti 5 mai ya koma kasko, ka auna, ka ƙara rabin lita, ka sake aunawa. Kada ka wuce zanen sama, gama mai in ya yi yawa ya kan yi kumfa.

Na biyu, ja, ba ruwansa da yawan mai. Ƙarfin da famfo ke tura mai da shi ya ke aunawa. Ga dalilin da ya sa wannan ya fi tsanani. Cikin injin akwai babban ƙarfe mai juyawa, wanda bakanikai ke kira karanshaf, yana zaune kan waɗansu 'yan ɓawon ƙarfe masu laushi da su ke kira metal. In injin na da lafiya, waɗannan biyu ba su taɓa juna. Wani shimfiɗin mai da bai kai kaurin gashin kai ba shi ke raba su, famfo ne kuwa ke cusa shi ciki ba fasawa. In mota tana tafiya injin na juyi 3,000 a minti, karanshaf na zagawa sau 50 ke nan kowace daƙiƙa. Ran da turin ya yanke, ƙarfe ya hau kan ƙarfe, zafi ya tashi, metal ya narke. Wannan ba aikin sa'a guda ba ne, ɓarna na farawa cikin daƙiƙoƙi.

Sa'an nan a lura, ja ba ta kamawa da wuri. A ma'aunin da a ke kira bar, injin mai lafiya ya kan ba da 2 zuwa 4 cikin tafiya, amma a motoci da yawa sai turi ya faɗi ƙasa da rabin bar kana fitilar ta kama. Ashe ba cewa ta ke yi abu zai lalace ba, cewa ta ke yi ya riga ya soma. Rawaya hatsi ne ya ragu a rumbu, ja kuwa abinci ne ba ya isa baki, ko da rumbu na cike.

To, in ja ta kama, ga abin yi. Ratse, ka kashe nan take. Jira minti 5 ka auna. In mai ya yi ƙasa, leƙa ƙarƙashi ko dutse ya huda kasko. In ba yoyo, ƙara mai ka tayar. In ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku, ba kuwa wata ƙara, tafi a hankali wurin bakanike. Amma in sanda ta nuna mai cike, ga ja tana ci, wannan shi ne mafi muni, ba mafi sauƙi ba kamar yadda na zata. Ko rariya ta toshe, ko famfo ya gaji, ko metal ya cinye. Kada ka sake tayarwa, nemi mai ja. Gaskiya ne wani lokaci ɗan makunnin fitilar ne ya lalace, amma ba a gane wannan da ido, sai bakanike ya cire shi ya ɗaura agogon awo a gurbinsa.

Abu biyu suka rage. Tsofaffin motocin da mu ke hawa, da yawansu ba su da rawaya ko kaɗan, ja kaɗai gare su. Mai irin wannan mota, sanda ita ce rawayarsa. In ya ga ja tana ƙyaftawa wajen shan kwana ko taka birki, mai ya yi ƙasa ƙwarai har famfo na zuƙar iska. Kuma kowace safiya, in ka murɗa makulli kafin injin ya tashi, dole ja ta kama, ta mutu bayan ya tashi. In ba ta kama ba sam, mai gadinka barci ya ke yi, a gyara ta.

Wani zai ce, in ta kama a inda tsayawa ke da hatsari fa? Rai ya fi injin, wannan ba gardama. Amma mai ci gaba ya sani injinsa ya ke sayarwa, kuma mai yiwuwa ne ya tsaya masa a wurin da ya fi na farko muni. Maganin abin tun a gida ya ke: auna mai kafin ka tashi, yi juye kan lokaci, ka kama hanya da sauran rana.

Allah ya kiyaye mu da abin hawanmu, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Babban Duhu.